Yadda ake roƙo a imel ɗin Turanci ba tare da ƙasƙantar da kai ba

“Don Allah 'yan uwa, in na juya ladabinmu zuwa Turanci a imel ɗin aiki sai a ce ina kwana-kwana, ya zan yi?”

Malam matsalar tana wajen jera kalaman roƙo. Mu a Hausa sai mu ce don Allah, in ba damuwa, in da hali, duk a jimla ɗaya kuma ba wanda zai ce ka yi yawa, amma Bature in ya ga uku a jere sai ya ɗauka ba ka da tabbas ko kuma abin ba na gaggawa ba ne. Ɗauki ɗaya kawai.

Misali kana bin kamfani kuɗin kaya, wata ya wuce ba su biya ba. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, kar ka tambayi iyali da gajiya. Layi na biyu faɗi buƙatar da lambar rasit da ranar da kake so:

`Could you please settle invoice 214 by Friday?`

Ladabin yana cikin kalmomi ukun farkon nan. Kuma kar ka fara da ban haƙuri tunda ba laifi ka yi ba, haƙƙinka ne.

In ƙi za ka yi, “sai mun gani” ba ya aiki, shi zai zauna yana jiranka ne. Ka ce ba zai yiwu ba, ka ba da dalili a taƙaice.