Fasa iyaka ba tare da yawan ciniki ba

"Don Allah 'yan uwa, farashi ya fasa iyakar sama na saya, bayan kwana biyu ya dawo ƙasa na yi asara, me na rasa gani?"

Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Koma ka duba sandunan da ke ƙasan jadawalin, wato boliyum, adadin hannun jarin da aka yi cinikinsu ranar. Ina kyautata zaton ta ranar fasawar gajera ce.

Ka ɗauka hannun jari ya yi makonni yana bugun naira 50 yana dawowa, saboda masu sayarwa sun jibge kaya a wurin kamar diloli a Kantin Kwari, to kafin ya wuce da gaske sai an samu masu saye da za su kwashe kayan nan kaf, shi ya sa ciniki ke tashi. In matsakaicin cinikin kwana 20 hannun jari miliyan 2 ne a rana, ni ina so in ga miliyan 3 ko fiye ranar, kuma a rufe sama da 50. Amma in ya taɓa 51 da dubu 800 kacal, masu sayarwa ne suka ɗan janye, ba wani babban mai saye da ya shigo. Suna ganin farashi ya yi kyau sai su sake zubo kaya, waɗanda suka saya a 51 su tsorata su sayar, faɗuwar ta ƙara sauri. Ni ma ya taɓa cin kuɗina haka wallahi.

In fores kake yi kuma, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe, ka kula, boliyum ɗin da manhajar MT4 ke nunawa adadin motsin farashi ne a wajen dillalinka, ba ainihin yawan cinikin ba.