Littafin dokokin ma'aikata a gidan burodi: mi za a sa ciki?

Tambaya: Salam malam, ina da gidan burodi a Mabera, ma'aikata 12, kullum sai an yi gardama kan latti da yankan albashi. An ce in rubuta littafin dokoki. Mi zan sa ciki, kuma yaushe ake sabunta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Shafi huɗu ko biyar ya ishe ka, da Hausa, kuma a tara su a karanta musu don ba kowa ka iya karatu ba. Fara da abin da ake faɗa a kai: lokacin shigowa da tashi na masu kwaɓi da masu kanta, hutun sallar Juma'a, yadda lokaci ke canzawa da azumi, ranar biyan albashi, da wanda ake kai wa ƙorafi in manaja ne da kanshi ya yi laifin.

Sai abin da dokar ƙwadago ta riga ta yanke, wanga ba ka da ikon ragewa. Wanda ya cika wata 12 shina da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinshi, rashin lafiya har kwana 12 a shekara in ya kawo takardar likita, mai haihuwa sati 12. Notis na sallama sati ɗaya ne ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, sati biyu daga nan zuwa shekara 5, sama da haka wata guda.

Yankan albashi kuwa, nan mutanenmu ke faɗawa rami. A ce yaron tanda ya ƙona tire goma, ka ce cire dubu biyar, to doka ba ta yarda ka ci ma'aikaci tara haka kawai ba, ko ɓarnar sakaci ce sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Abin da za ka rubuta shi ne matakai: gargaɗin baki, na takarda ya sa hannu, na ƙarshe, sannan sallama, kuma kowane mataki a ji ta bakinshi tukuna.

Sabuntawa ni na fi son bayan ƙaramar Sallah, kai ya kwanta, ka tuna rigimar da aka sha. Amma in doka ta canza ko ma'aikata sun ƙaru kada ka jira. Kana kaiwa mutum 15 fansho ya hau kanka, kai kashi 10 su kashi 8, a 25 kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024 ya shafe ka. Sa kwanan wata a bangon kowane sabo, karɓe tsoffin, kowa ya sake sa hannu ko dangwale, in ba haka ba ranar rigima wani zai zaro na bara daga aljihu.