Me ya sa manhajar take ba ni tsohon farashin mai?

Tambaya: Ina ɗaukar kaya daga Kano zuwa Kaduna. Na sa manhajar hira ta AI ta lissafa mini kuɗin man tafiya, sai ta yi aiki da farashin da rabona da jin sa an yi shekaru. Lalacewa ta yi, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Malam, lafiyarta ƙalau. Ana horar da irin waɗannan manhajoji ne da tarin rubutun da aka tattara zuwa wata rana, daga nan a rufe. Duk abin da ya faru bayan ranar, ba ta da labarinsa. ChatGPT da aka saki a Nuwamban 2022, saninsa ya tsaya ne a Satumban 2021, lokacin da litar fetur take wajen naira 165. Cire tallafin mai da Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya kai lita sama da naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, bai shiga karatunsa ba. Sababbin ma haka suke, ranar ce kawai take matsowa. Abin da ya fi damuna shi ne ba lallai ta gargaɗe ka ba, tsohuwar lambar za ta kawo kanta tsaye.

A ce motarka tana shan lita 40, zuwa da dawowa. A kan 165, naira 6,600 ke nan. In kuwa yau a gidan mai ka sayi lita ɗaya a kan naira 900, kuɗin 36,000 ne. Lissafin bai karkace ba, lambar da aka ɗora shi a kai ce ta tsufa, kuma wanda ya yanka wa mai kaya kuɗin mota a kan wancan ya yi aikin asara.

Maganin shi ne ka kai mata farashin da kanka, a cikin saƙon. Rubuta mata kamar haka: "Yau ranar kaza ga watan kaza. Na sayi fetur naira 900 lita a Kano. Motata tana shan lita 40 zuwa Kaduna da dawowa. Yi lissafi da wannan farashin kaɗai. In akwai abin da ban ba ka ba, tambaye ni." Kada ka bar kwanan wata da gari da ma'auni, domin lita daban, galan daban. In ka buɗe sabuwar hira, sake ba ta, kada ka ɗauka ta riƙe na jiya. Labarai ma haka: kwafo rahoton gaba ɗaya da ranar da aka buga shi, ka liƙa mata.

Wasu manhajojin suna iya leƙa intanet. Hakan yana taimakawa, amma buɗe shafin da ta ɗauko ka duba kwanan watansa, don tana iya jawo rahoton bara. Farashin buhun masara a Dawanau da safiyar yau kuwa, da wuya a same shi a wani shafi. Sai ka kira dillalinka, abin da ya faɗa maka ka rubuta mata.