Iyafon na yi ta kunne ɗaya

"Iyafon ɗina ta kunnen dama kaɗai yake magana, wani lokacin da ƙara-ƙara. Ya mutu ne?"

Ɗan'uwa, kar ka jefar tukuna. Fara jona shi a wata wayar. In duka kunnuwan sun yi, matsalar na ramin wayarka ce: ƙurar hunturun Sakkwato da zaren aljihu kan taru ciki, kan iyafon ya kasa shiga har ƙarshe. Kashe wayar, ka sakace ramin a hankali da tsinken sakace. Banda allura, tana kankare ƙarfen ciki.

In can ma kunne ɗaya ne, kunna karatu, ka riƙa lanƙwasa igiyar daf da kan. Sauti na zuwa yana ɗaukewa? Silin ciki ya tsinke a nan. Mai gyara zai yanke wurin ya sa sabon kai da dalma, amma in mai araha ne, sayen sabo ya fi.