Zaman tace jerin ayyuka: yaya za a tsara shi har katunan sama su nuna kafin sifirint?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu bakwai ne muke gina manhajar biyan kuɗin makaranta, sifirint ɗinmu, wato zangon aikin da muke tsarawa mu kammala, na mako biyu ne. Duk Alhamis muna zama awa biyu don tace jerin ayyuka, amma ranar tsara sifirint sai a sake dawowa kan katunan ayyukan da gardama, wasu kuma mu ɗauka mu kasa gamawa. Yaya zan tsara zaman nan ya yi amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko ban halarci zamanku ba, ina iya ƙiyasta yadda yake tafiya. Ana buɗe jerin a allo, a karanta kati na farko, wanda yawancinku a lokacin suka fara ganinsa, wani ya yi tambayar da babu mai amsarta a ɗakin, sai a ce to a dai ba shi makin girman aiki a wuce. Idan haka ne, ƙarin lokaci ba zai gyara komai ba. Jerin matakan ne ya juye: kuna auna aikin kafin ku fahimce shi, alhali awo shi ya kamata ya zo ƙarshe.

Ka fara da sanin cewa littafin jagoran Sikiram, tsarin aikin da ake bi da sifirint, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, bai sa tace jeri cikin tarurrukan da ya wajabta ba. Ya ɗauke shi a matsayin aiki mai ci gaba, na farfasa abubuwa da ƙara musu bayani, tsari da girma. Bugun 2017 ya ce yawanci ba ya cin fiye da kashi 10 cikin ɗari na lokacin masu gini, bugun 2020 kuma ya cire wannan adadi. Ni har yanzu ina amfani da shi a matsayin rufin da ba a wucewa. Mako biyu wajen awa 80 ne ga mutum ɗaya, kashi goma awa 8 ke nan. Zaman da kowa zai halarta bai kamata ya cinye wannan duka ba. Minti 90 sau ɗaya a tsakiyar sifirint ya ishe ku, sauran lokacin ya tafi ga shiri da neman amsoshi. Na ce tsakiya ne da gangan, domin duk tambayar da ta taso tana bukatar kwana uku ko huɗu a nemo amsarta kafin ranar tsarawa.

Rabin aikin kafin zaman ake yinsa. Kwana biyu kafin nan, mai alhakin manhajar, wato wanda ke yanke abin da zai hau saman jeri, ya zaɓi katuna shida zuwa takwas kawai. Ya zauna minti talatin da mai rubuta lamba ɗaya da mai gwaji ɗaya su leƙa su. Mutum ukun nan ba awo za su yi ba. Aikinsu su gano katin da ko tambayarsa ba ta tsaya ba su cire shi, sannan su gano wa ya kamata a gayyato. Idan kati ya shafi kuɗi, a kira akawun makaranta ko wanda ya san aikinsa, ko na minti goma sha biyar ne a waya. Daga nan a aika wa kowa jerin ya karanta.

Bari in ɗauki misali daga irin aikinku. A ce katin da ke sama an rubuta masa: "Iyaye su iya biyan kuɗin makaranta kashi-kashi." Kowa zai gyaɗa kai, domin magana ce mai sauƙin fahimta a baki. A zaman da aka tsara da kyau, mai alhakin manhajar zai yi minti biyu kacal yana faɗin wa ke bukatar wannan da dalilinsa: iyaye da yawa ba sa iya haɗa kuɗin zango a lokaci ɗaya, akawu kuma yana rubuta ragowar bashin a littafi da hannu. Daga nan sai ya yi shiru, a ba mai gwaji dama. Tambaya ɗaya nake so a riƙa yi wa kowane kati: ranar da aka ce an gama, me za mu danna, me za mu gani? Kuma a amsa ta da adadi na gaskiya.

Sai wani ya ce, kuɗin zango naira 60,000 ne, uba ya biya 25,000, allo ya nuna masa saura 35,000. Madalla, sharaɗi na farko ke nan, a rubuta shi a katin nan take. To idan ya so biyan naira 500 fa, akwai mafi ƙarancin abin da ake karɓa? Idan saura 35,000 ya tura 40,000, a ƙi karɓa ko a ajiye masa rarar zuwa zango na gaba? Idan 'ya'yansa uku ne a makarantar, kuɗin kan wa za su hau? Idan an cire kuɗin daga asusunsa amma tabbacin kamfanin biya bai iso ba sai bayan awa biyu, shi kuma ya sake biya saboda ya ga ragowar ba ta sauka ba? Cikin minti takwas katin da ya yi kama da layi ɗaya ya haifi tambayoyi huɗu. Biyu mai alhakin manhajar zai amsa a take: mafi ƙaranci 5,000, abin da ya wuce bashi a ƙi karɓa. Ta 'ya'ya uku sai an tambayi akawu. Ta jinkirin tabbaci kuwa babu wanda ya sani sai an gwada.

A nan ne tawagogi da yawa suke kuskure, su tsaya gardama kan abin da babu mai amsarsa a cikinsu. Ka sa agogo, minti goma zuwa sha biyu kowane kati. Idan lokaci ya cika, katin yana da mafita uku kawai: ya nuna, wato ya shirya, a auna shi, ya yi girma a raba shi, ko yana jiran amsa. Wanda ke jiran amsa a rubuta tambayar a kansa, da sunan wanda zai nemo ta da ranar da zai kawo. Tambayar da ba ta da mai ita, mako biyu masu zuwa za ku same ta inda kuka bar ta. (Ko banza sunan manhajar da yawancinmu muke ajiye katuna a ciki Jira, kada mu sa ta cika sunanta da Hausa.)

Wajen rabawa, a bi ƙa'idojin aikin, kowane yanki ya zama abin da uba ko akawu zai iya gani yana aiki. Katin namu zai fashe kamar haka. Na farko: uba mai ɗa ɗaya ya biya wani kaso ya ga ragowa. Na biyu: kowane biya ya fitar da rasit mai nuna abin da aka biya da abin da ya saura. Na uku: rabon kuɗi tsakanin 'ya'ya, wanda ke jiran akawu. Maganar jinkirin tabbaci kuma a mayar da ita ɗan bincike mai iyaka, mutum ɗaya, kwana ɗaya, ya gwada a muhallin gwaji na kamfanin biya ya dawo da bayanin abin da ke faruwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rabo bisa sassan gini, a ce wannan katin na ma'ajiyar bayanai, wancan na allo. Irin wannan rabon kan sa a kai ƙarshen sifirint da katuna uku da aka ce an gama, amma babu abin da za a nuna wa kowa.

Sai bayan an yi wannan duka a zo ga awo. Hanyar katin maki da James Grenning ya fito da ita a 2002, Mike Cohn kuma ya yaɗa ta, tana aiki ne saboda abu ɗaya: kowa yana zaɓar lambarsa a ɓoye, daga 1, 2, 3, 5, 8, 13, sannan a buɗe tare. Da zarar babban injiniya ya riga kowa cewa "ai wannan uku ne", an gama, babu ƙaramin da zai ce takwas. Kuma masu yin aikin ne ke ba da maki, mai alhakin manhajar amsa tambaya kawai yake yi.

A ce an buɗe wa kati na farko an ga 3, 3, 5, 5, 5, 13. Kada ka haɗa ka raba. Tambayi mai 13 da ɗaya daga masu 3 abin da kowannensu ya gani. Sau da yawa mai 13 zai ce wani abu kamar, teburin biyan da muke da shi a ma'ajiyar bayanai an gina shi ne kan cewa kowane ɗalibi biya ɗaya yake yi a zango, sai an sauya shi an kwashe tsofaffin bayanai. Wannan jimla ita ce ribar zaman gaba ɗaya, domin da ba a ji ta yau ba, da a rana ta shida ta sifirint za a ji ta. A sake jefawa sau ɗaya. Idan an taru kan 8, shi ke nan. Idan bambancin 3 da 5 ne kawai, a ɗauki 5 a wuce, bai kai a ɓata minti biyar ba. Idan bayan zagaye biyu har yanzu akwai 3 da 13, katin bai nuna ba, ya koma layin masu jiran amsa ba tare da maki ba.

Girman da za a yarda da shi ya danganta da abin da kuke gamawa. Idan a sifirint uku na baya kuna kammala wajen maki 30, katin 13 ya kusa rabin ƙarfinku, in ya maƙale sifirint ɗin ya tafi. Ni a irin wannan tawaga 8 ce iyakata, abin da ya wuce haka a raba. Haka kuma kada a tace fiye da kima. Katunan da suka nuna su kai na sifirint ɗaya da rabi zuwa biyu, wato maki 45 zuwa 60 a wurinku. Abin da aka tace wata uku kafin a taɓa shi, bukata za ta sauya a sake zama a kansa.

Mene ne "ya nuna"? Wasu tawagogi suna rubuta doguwar takardar sharuɗɗa. Wannan ba ya cikin jagoran Sikiram, kuma na ga inda ta zama ƙofar da masu gini ke fakewa da ita su ƙi taɓa aiki. Huɗu sun isa: an san wa zai amfana, akwai sharuɗɗan karɓa da mai gwaji zai iya gwadawa, babu abin da ake jira daga waje, kuma an auna shi ya shiga iyaka. Na ukun ne aka fi yi wa ha'inci. "Kamfanin ya ce zai turo mana makullin shiga ranar Litinin" jira ne, katin ya zauna har makullin ya zo hannu.

Don ka gane ko gyaran ya kama, ka ƙirga abu biyu tsawon sifirint uku. Katuna nawa aka sake buɗe gardamar ma'anarsu ranar tsarawa, kuma katuna nawa suka tsallaka zuwa sifirint na gaba ba a gama ba. Kowane wanda ya tsallaka, ku tambayi kanku ko dalilin maƙalewarsa abu ne da za a iya ganowa da tambaya a zaman tacewa. Idan amsar i ce, ku duba wanda ya san amsar a lokacin, ku sa shi cikin waɗanda za a gayyata ranar Alhamis mai zuwa.