Hukuncin sanyin da maigida ya yi bayan watannin amarci

Tambaya: Allah gafarta Malam, watanmu takwas da aure. Da farko maigidana ba ya iya wuni bai kira ni daga kasuwa ba, kuma idan ya dawo muna hira har tsakar dare. Yau kusan sati biyar ke nan ya canza. Sai ya shigo ya yi sallama, ya taɓa abinci kaɗan ya ture, ya kwanta ya juya baya. Cefane bai fasa ba, bai zage ni ba, amma shimfiɗa sau ɗaya muka haɗa a duk wannan lokaci. Ina farkawa da dare in gan shi zaune. Idan aka kira shi a waya sai ya fita waje ya amsa. Ya daina zama majalisa, har mahaifiyarsa ta tambaye ni ko lafiya, don ya rage zuwa gaishe ta. Atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Ƙawata ta ce ko dai kishiya yake nema ko kuma an yi mana asiri, wai za ta kai ni a duba. Malam, ya daina so na ne ko wata damuwa ce? Me shari'a ta ce in yi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, abin da ke cikin zuciyar mijinki ba ni da hanyar saninsa, ƙawarki ma ba ta da ita, wanda za ta kai ki wurinsa kuma ƙarya zai yi miki. Abin da zan iya shi ne in auna alamomin da kika kawo, in gaya miki inda suka fi karkata, sannan in faɗi hukunci.

Lura da halin miji ba laifi ba ne. A hadisin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ta ce ta yi wata guda tana jinya a Madina ba ta san abin da mutane ke yaɗawa ba. Abin da kawai ya sa mata kokwanto shi ne ba ta ga irin tausasawar da ta saba gani daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ba ta da lafiya ba. Yakan shigo ya yi sallama, ya tambayi jikinta a taƙaice, ya fita. Ta gane an canza, kuma gaskiyarta, an canza. Amma ita ce wadda ya fi so a cikin mutane kafin wannan watan da bayansa. Nauyi ne ya faɗo masa daga waje, har Allah ya saukar da ayoyin Suratun Nur ya wanke ta. A wani karon kuma da ya ƙaurace wa matansa kwana 29, mutane suka cika masallaci suna cewa ya sake su. Sayyidina Umar bai ɗauki maganar masallaci ba, ya hau har ɗakin da yake ya tambaye shi, ya ce bai sake su ba. Jama'a sun ga alama ta gaske, fassarar da suka yi mata ce ta zama kuskure.

Saboda haka sanyi shi kaɗai ba ya zama hujja. Ma'aunin da na fi dogara da shi idan aka kawo min irin wannan ƙorafi shi ne a duba: sanyin ya game kowa ne, ko ke kaɗai ya keɓanta da shi? Mutumin da son matarsa ya fita daga ransa yawanci lafiyarsa ƙalau a waje. Yana cin abincinsa, yana barci, yana dariya a majalisa, wani lokaci har ya ƙara ado da turare, sai ya taka ƙofar gida fuskar ta rufe. Kuma yakan fara ganin aibi a abin da jiya yake yabo: miyar da ya saba sha yau gishiri ya yi yawa, maganar da ke ba shi dariya yau surutu ce. Wanda damuwa ta kama kuwa, duniyar ce gaba ɗaya ta yi masa ƙunci.

To, mu ɗora wasiƙarki a kan wannan. Ya rage cin abinci, ba ya barci, ya bar majalisa, har mahaifiyarsa ta ji canjin a jikinta. Namijin da ke neman aure ba ya gudun mahaifiyarsa, ita ce ma yake yawan zuwa wa don ya shirya ta. Bai kama ki da laifi ba, bai fasa cefane ba. Canjin kuma farat ɗaya ya zo, alhali gushewar so ta fi zuwa a hankali. Duk waɗannan sun karkata zuwa ga damuwa daga waje. Kuma kin ce ɗan kasuwa ne. Wanda ya san Kantin Kwari ya san da yawa kayan amana ake juyawa: a karɓi dila daga babban ɗan kasuwa, a ba na ƙauye bashi, in na ƙauyen ya riƙe kuɗi sai mai kaya ya matsa. Wanda ke cikin wannan hali kiran waya ne abin tsoronsa, kuma ba zai so amaryarsa ta ji ana yi masa tsawa a kan kuɗi ba. Ban ce abin da ke faruwa ke nan ba, ina nuna miki ne cewa fita waje da waya, wadda ita ce alamar da ta fi tayar miki da hankali, tana ɗaukar fassara biyu. Mai bin bashi da budurwa duk suna sa namiji ya fita tsakar gida. Alamar da ke ɗaukar fuska biyu ba a gina hukunci a kanta.

Akwai kuma abin da ya kamata a cire daga lissafi. Ɗokin amarci yana lafawa a kowane gida, kira biyar a wuni ya koma ɗaya, wannan ba ƙiyayya ba ce. Sai dai lafawar ɗoki ba ta hana mutum barci, don haka ba ita ce bayanin halin mijinki ba. Haka rashin lafiya: ciwon suga, wasu magungunan hawan jini, da ciwon damuwa suna raunana sha'awar namiji, kuma maza da yawa sun gwammace su juya baya da su faɗa. Idan rashin ci da rashin barcin suka ci gaba, ki lallaɓa shi ya ga likita. In har kika ji yana maganar gajiya da rayuwa, kada ki jira gobe, ki sanar da danginsa a ranar.

Hukunci a kanki shi ne, bai halatta ki yanke cewa ya daina son ki ko yana cin amanarki ba, ki kuma yi mu'amala da shi a kan haka. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, a nisanci da yawa daga zato domin sashen zato zunubi ne, kuma a cikin ayar ce ya hana leƙen asiri. Buɗe wayarsa yana barci yana cikin wannan hani. Abin da ya ɗarsu a ranki ba tare da kin zaɓa ba, ba a kama ki da shi. Watanni bakwai na kyautatawa yaƙini ne a hannunki, kuma ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa shakka ba ta gusar da yaƙini. Zuwa wurin mai duba kuwa haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Sihiri gaskiya ne akwai shi, amma babu abin da kika faɗa da ke buƙatarsa kafin a fahimce shi. Ƙawarki wataƙila taimako take nufi, sai dai ta san cewa Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ɓata mace ga mijinta. Ki rage abin da kike kai mata.

Abin yi shi ne abin da Sayyidina Umar ya yi: ki tambayi mai abin. Ba a bakin ƙofa yana shigowa ba, ba kuma a kan shimfiɗa ba, don a nan zai ji kamar tuhuma ce ga mazantakarsa. Ki zaɓi lokacin da ya huta, kamar safiyar Juma'a. Kada ki fara da "ka daina so na", domin wannan tambaya ce da ke sa mutum kare kansa. Ki faɗi abin da idonki ya gani: "Maigida, na ga ba ka ci, ba ka barci, Hajiya ma ta tambaye ni. In kasuwa ce ka gaya min mu rage abin da za mu rage. In kuma ni na yi wani abu, ko an kawo maka wata magana a kaina, ina so in sani." Wannan na ƙarshen kada ki bar shi, domin ƙissar Nana A'isha ta nuna akwai sanyin da tushensa maganar da aka kai wa miji ce. Yana iya cewa "ba komai". Ki karɓa, ki ba shi kwanaki, ki sake komawa. Ki lura da yadda ya karɓi tambayar: mai damuwa yakan yi laushi ko ya ji kunya ko ya saki rabin magana, wanda zuciyarsa ta juya yakan ji haushin an tambaye shi, ya mayar da laifin kanki.

Amma kada a fahimce ni cewa haƙuri ne kawai rabonki. Ko mene ne dalilinsa, haƙƙinki bai faɗi ba. Allah ya umarci maza su zauna da mata da alheri a Suratun Nisa'i, aya ta 19, bai ce sai ranar da kasuwa ta yi kyau ba. Bashi uzuri ne na rage nama a miya, ba uzuri ba ne na barin mace sati biyar tana zargin kanta alhali kalma ɗaya za ta raba ta da wannan. In mijinki zai ga wannan amsa, to ya sani ya yi kuskure a nan ko da niyyarsa kare ki ce.

Idan kika yi magana sau biyu ko uku babu sauyi, ki nemi babba ɗaya mai riƙon sirri wanda yake jin nauyinsa. A halinki mahaifiyarsa ce ta fi kusa, tunda ita ta fara tambaya. In abin ya zama saɓani a fili, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki. Aya ta 128 kuma ta ambaci ainihin macen da ta ji tsoron juya baya daga mijinta, ta ce sulhu ne mafi alheri. Wasu za su ce miki sai kin cika wata huɗu kafin ki yi ƙorafi. Wata huɗun nan na Suratul Baƙara, aya ta 226, wa'adin mijin da ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ne, wato ila'i, kuma mijinki bai rantse ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan ta tabbata miji ya ƙaurace wa shimfiɗa don cutarwa, mace na da damar kai ƙara, alƙali ya duba da ijtihadinsa, har ya raba auren in cutar ta tabbata. Na faɗi wannan don ki san ƙofar tana nan. Abin da ke cikin wasiƙarki bai kai ko kusa da ita ba, mafi rinjayen zatona mutumin nan wani abu ne ya danne shi a waje yana ɓoye miki.

Wallahu a'alam.