Kauɗata ta yi fumfuna, in wanke in sake shanyawa?

Tambaya: Malama, a watan Satumba na shanya tumatir da barkono, na ɗaure a leda. Da na buɗe sai na ga farin gashi-gashi da ɗigon kore, ga warin rima. Maƙwabta sun ce in wanke in mayar rana, wuta za ta kashe sauran. Na kashe kuɗi, ga yara. Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, ki zubar da shi, kuma kada ki ba kaji ko awaki. Na san da ciwo.

Wannan magana ta "wuta na kashe komai" kullum sai na ji ta a Asawase, kuma ta ishe ni. Wuta na kashe fumfunar, gaskiya ne. Amma wasu irinta, musamman mai kore-koren nan da ke son barkono, suna barin guba mai suna afulatoksin a cikin naman abin. Miyarki tana tafasa a digiri 100, gubar kuwa tana jure zafin da ya wuce 200. Wanki ba ya fitar da ita, rana ma haka. Ba ta da ɗanɗano, ba ta sa gudawa a ranar, shi ya sa ake cewa "mun ci, ba abin da ya faru". A hanta take ɓarna sannu a hankali, har ta kai ga ciwon daji, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon hanta nau'in B. Masu niƙe irin wannan barkono su sayar a matsayin gari, su ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne ke ci.

Satumba a Kumasi ruwa ake yi, iska a jiƙe take. Fatar tumatirin ta bushe, cikinsa da ɗanye, leda ta kama gumin. Ki jira hunturu, Disamba zuwa Fabrairu.

Ki zaɓi tumatir mai tauri wanda bai fashe ba, ki yanka kaurin rabin santimita, ki baza ɗaiɗai a kan raga bisa tebur don iska ta shiga ta ƙasa. Kafin magariba ki kwashe saboda raɓa. Kwana 4 zuwa 6 yakan isa, kuma kilo 10 na ɗanye ba zai ba ki kilo ɗaya ba. Idan ya fi haka nauyi, da sauran ruwa. Barkono kuwa ki tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3 kafin shanya, ki shanya har sai ya karye ƙas a hannu, 'ya'yan suna kaɗawa a ciki.

Ya huce tukuna, ki zuba a busasshiyar kwalba ki rufe. Washegari ki duba: in kin ga gumi a jikin kwalbar, ki mayar da shi rana.